Yadda ake gano ainihin tsadar bashi kafin a sa hannu

A ce malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, yana neman naira 600,000 don ya rufe ginin da ya tsaya masa a linta kafin damina ta sauka. Ya je wuri biyu. Na farko sun ce za su ba shi a kan ruwa kashi 3 cikin 100 a wata, ya biya cikin wata 12. Na biyu sun ce nasu kashi 4.5 ne a wata, shi ma wata 12. Ko ɗan firamare aka tambaya zai ce 3 ta fi 4.5 sauƙi. Amma idan Malam ya karɓi na farkon, kuɗin ruwan da zai biya ya fi na biyun da naira 26,400. Babu wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu. Abin da ya bambanta su shi ne a kan wane kuɗi ake ɗora ruwan, kuma wannan ba a faye rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin allon talla ba.

Na farkon lissafin fulat suke yi. Ana ɗora ruwan ne a kan uwar kuɗin da aka ba ka tun ranar farko, har zuwa ranar ƙarshe, ko nawa ka riga ka mayar. Na biyun kuwa a kan ragowa suke lissafi: kowane wata sai a duba abin da ya rage a kanka, a kansa kaɗai za a cire ruwa. A takardar bashi ko a fuskar manhajar waya za ka ga an rubuta `flat` ga na farko, `reducing balance` ga na biyu. Ma'aunin da ake ɗora su duka a kai don a ga mai nauyi shi ne ainihin ruwan shekara, wanda ake rubutawa `APR`. Shi za mu fitar da hannunmu, mataki bayan mataki.

Ka fara da tambayar naira, ka ajiye kashi gefe

Kafin ka taɓa kalkuleta, lambobi huɗu kake buƙata daga bakin jami'in bashi, kuma duk na naira ne ko na lokaci: nawa ne zai shigo asusunka, nawa za ka riƙa biya kowane zubi, zubi nawa ne, kuma tsakanin zubi da zubi kwana nawa. Kada ka bari a amsa maka da kashi.

“Yallaɓai, idan na sa hannu yau, alat ɗin nawa zan gani?”

“Ai Malam ruwanmu kashi uku ne kacal.”

“Na ji. Nawa zan gani a waya, kuma nawa za a riƙa cirewa a albashina?”

Sau da yawa sai ka maimaita tambayar. Ba lallai mugunta ba ce, shi ma abin da aka koya masa ya faɗa ke nan. Ka roƙi jadawalin biya a rubuce, wanda ke nuna kowane wata da abin da za a cire. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna a 2019, kuma sun wajabta wa cibiyoyin da ke ƙarƙashinsa su bayyana maka dukan caje-cajen bashi kafin ka sa hannu. Saboda haka ba alfarma kake nema ba. Wanda ya ce sai ka sa hannu za ka ga jadawali, ka ɗauki hularka.

Ka warware fulat ɗin ka ga cikinsa

Lissafin fulat ba shi da wahala, shi ya sa ma yake shiga rai. Kashi 3 cikin 100 na 600,000 shi ne 18,000. Wata 12, ruwa ya zama 216,000. Haɗa da uwar kuɗi, 816,000. Raba gida 12, kowane wata Malam zai biya 68,000: 50,000 na uwar kuɗi, 18,000 na ruwa. Idan ka ninka 3 sau 12 ka sami kashi 36 a shekara, kuma wannan ita ce lambar da za a ba ka in ka matsa da tambaya.

Yanzu ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ke hannun Malam a farkon kowane wata. Watan farko 600,000, kuma 18,000 a kansa kashi 3 ne, babu gardama. Wata na biyu 550,000, ruwa 18,000. A farkon wata na bakwai ya riga ya mayar da rabi, saura 300,000, amma ruwan bai motsa ba, yana nan 18,000. Kashi 6 ke nan a wannan watan. A wata na ƙarshe abin da ake binsa 50,000 ne kawai, kuma a kan wannan 50,000 ɗin zai biya ruwan 18,000, wato kashi 36 cikin wata guda.

Kamar mutum ne ya kama hayar shago 12 a kasuwar Jega, kowane wata yana mayar da makullin ɗaya, amma har ƙarshen shekara mai shago na karɓar kuɗin hayar 12 cif.

Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne Malam bai riƙe 600,000 tsawon shekara ba. Wata ɗaya ya riƙe su cikakku. Idan ka tara ragowar watannin nan, daga 600,000, 550,000, 500,000 har zuwa 50,000, ka raba gida 12, za ka sami 325,000. Wannan shi ne matsakaicin kuɗin da ya zauna a hannunsa. A kan 325,000 ya biya ruwan 216,000, kuma wannan kashi 66 ne da rabi, nesa da 36.

Daga nan aka samo gajeren lissafin da za ka iya yi a tsaye gaban kanta: duk fulat ɗin da ake biya da zubi daidai-daidai, ka ninka shi kusan biyu. In kana son ka matsa kusa, ka ninka adadin zubi sau biyu, ka raba da adadin zubin da ƙarin ɗaya. Ga zubi 12, 24 a raba da 13, ya ba da 1.85. Ninka 36 da 1.85, ka dawo wajen 66. Wannan lissafin yana ɗan wuce gona da iri, musamman idan ruwan na da yawa ko lokacin na da tsawo, amma don gane inda ka dosa ya wadatar.

Ka fitar da ainihin lambar

Tambayar da ainihin ruwan shekara ke amsawa ita ce: da a kan ragowa ake lissafi, ruwan kashi nawa ne zai sa biyan 68,000 sau 12 ya kashe bashin 600,000 daidai, ba saura ba rara?

Ana iya nemo ta da hannu, ta gwaji. Ka zaɓi wani kashi, ka ɗora shi a kan 600,000, ka cire ruwan daga 68,000, abin da ya saura ka rage shi daga uwar kuɗi, ka sake haka sau 12. In ka ƙare da sauran bashi, kashin da ka zaɓa ya yi yawa. In bashin ya mutu da rara a hannunka, ya yi kaɗan. Ga wannan bashin amsar ita ce kashi 5.08 a wata. Watan farko ruwa 30,480, abin da ya tafi ga uwar kuɗi 37,520, saura 562,480. Wata na biyu ruwa 28,574, uwar kuɗi 39,426, saura 523,054. Haka zai yi ta sauka har ya kai kusan sifiri a zubi na 12. Ka lura uwar kuɗi na raguwa a hankali da farko, ba 50,000 kowane wata ba, shi ya sa gajeren lissafin ɗazu ya ɗan zarce.

Amma ba sai ka sha wannan wahalar ba. In wayarka na da Google Sheets ko Excel, buɗe sabon shafi, taɓa akwati ɗaya, rubuta:

```
=RATE(12,-68000,600000)*12
```

Lamba ta farko adadin zubi ce, ta biyu abin da kake biya kowane zubi, ta uku abin da ya shigo hannunka. Alamar ragi da ke gaban 68000 dole ce, domin kuɗin fita yake yi daga aljihunka. In ka manta da ita, akwatin zai nuna kuskure. Kada kuma ka sa waƙafi a tsakiyar lambobin kuɗin, don waƙafi a nan raba lambobi yake yi. Amsar za ta fito wajen 0.61, wato kashi 61 a shekara. In ta nuna maka `1` ko `0.6` kawai, ka mayar da akwatin tsarin kashi ta hanyar taɓa alamar `%`.

Ga shi nan: kashi 3 na fulat a wata, wanda aka ce maka 36 ne a shekara, ainihinsa 61 ne.

Yanzu mu koma wuri na biyu, masu kashi 4.5 a kan ragowa. Nasu ba ya buƙatar warwara, 4.5 sau 12 kashi 54 ne a shekara, kuma haka yake. Zubinsu zai kama 65,800 a wata. Watan farko ruwansu 27,000, ya fi na fulat, kuma a nan ne idon mutum ke yaudararsa. Wata na biyu ya sauko 25,254, ya ci gaba da sauka har ya zama bai kai 3,000 ba a wata na ƙarshe. Jimillar biya 789,600, ruwa 189,600. Cire shi daga 216,000, ga 26,400 ɗin da muka faɗa a farko.

Idan bashi biyu kuɗinsu ɗaya, lokacinsu ɗaya, kuma babu abin da aka cire a gaba, ko lissafin nan ba ka buƙata. Dubi zubin kawai, 68,000 da 65,800. Lissafin na fara aiki ne idan ɗayan abubuwan nan ya bambanta, kuma kusan kullum sai ya bambanta.

Ka sa abin da aka zaftare tun a ƙofa

Nan ne nake son ka fi daɗewa, don yawancin masu karɓar bashi ba sa lissafa wannan ɓangaren cikin tsada. Suna ɗaukarsa hidima ce ta daban.

A ce ranar da kuɗi ya shigo, Malam ya ga alat ɗin 580,000. Da ya tambaya aka ce an cire 12,000 kuɗin gudanarwa, 6,000 inshora, 2,000 kuɗin fom. Kowanne ƙarami ne in ka dube shi shi kaɗai. Amma zubin yana nan 68,000, don ruwan a kan 600,000 aka lissafa, har da 20,000 ɗin da bai taɓa gani ba. Ƙa'idar ita ce duk kuɗin da ba za a ba ka bashin ba sai ka biya shi, tsadar bashin ne, ko mene ne sunansa a takarda. Sai ka canja lamba ta uku:

```
=RATE(12,-68000,580000)*12
```

Amsa wajen kashi 68. Naira 20,000 ta ƙara kashi 7 a shekara.

Akwai kuma ajiyar dole, wadda ƙananan bankuna da wasu ƙungiyoyin ba da rance ke sharɗantawa. Za a ce ka bar kashi 10 na bashin a asusunka, ba za ka taɓa ba sai ka gama biya. Jami'in zai ce, “Ai kuɗinka ne Malam, za a mayar maka.” Gaskiya ne za a mayar. Amma shekara guda kana biyan ruwa a kan 60,000 da ke kwance a wurinsu. Abin da Malam ya fita da shi ya sayi kwano da katako 520,000 ne. Don a yi musu adalci, sai a sa 60,000 ɗin da zai dawo a ƙarshe a matsayin lamba ta huɗu:

```
=RATE(12,-68000,520000,60000)*12
```

In ajiyar ba ta haifar masa komai, amsar ta kai wajen kashi 81. Daga 36 na baki, zuwa 61, zuwa 68, zuwa 81, kuma har yanzu allon da ke bakin ƙofa kashi 3 yake cewa.

Ga wata tambaya da ta cancanci a yi game da inshorar: me take rufewa? In tana yafe ragowar bashin ne idan mai bashi ya rasu, to ta tsare iyalinsa da wanda ya tsaya masa, kuma wannan abu ne mai daraja. Duk da haka ka sa ta cikin lissafi, tunda ba da zaɓinka aka cire ba. In kuma ba wanda ya iya gaya maka abin da take rufewa, ka san sunanta kawai inshora.

Wani lokaci za ka ga lamba biyu na shekara a takarda ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya. Ba kuskure ba ne. Akwai masu ninka ruwan wata sau 12 kai tsaye, kamar yadda muke yi a nan. Akwai masu lissafa shi yana hawa kan kansa wata bayan wata. Bashin Malam na 580,000, wanda ya ba mu 68 ta hanyar farko, ta hanya ta biyu wajen 94 zai bayar. Duk wadda ka ɗauka, ka auna bashin biyu da ita. Kada ka gwada 68 na wannan da 94 na wancan.

Idan zubin mako-mako ne, ko kwanakin kaɗan ne

Mata masu turara shinkafa a Argungu da 'yan tireda sun fi saba wa bashin zubin mako. A nan ba ma a cewa a wata ko a shekara, sai a ce “kashi goma ne kawai.” An ba Hajiya 100,000, za ta mayar da 110,000, tana zuba 5,500 kowane mako har mako 20. Tsarin ɗaya ne, sai dai a ƙarshe da 52 za ka ninka, adadin makonnin shekara:

```
=RATE(20,-5500,100000)*52
```

Wajen kashi 48 a shekara. Abu biyu ne suka ɓoye a cikin goman nan: mako 20 bai kai ko wata biyar ba, sannan tun mako na farko ta fara mayarwa, wataƙila kafin ta sayar da buhun farko. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa adadin makonni a gaba sannan a ninka da 12 a baya. Amsar za ta fito ƙarama, ka yi murnar banza.

Bashin manhajar waya ya fi wannan zafi. An ba ka 20,000, ka mayar da 23,000 bayan kwana 30. Kashi 15 ne, ka ninka da 365 ka raba da 30, ya haura kashi 182 a shekara. Wani zai ce ai ba shekara zan riƙe ba, naira 3,000 ce kawai. In da gaske sau ɗaya ne, to 3,000 ce. Amma wanda ke biyan wannan ya sake karɓa washegari, wata bayan wata, a ƙarshen shekara ya biya 36,000 a kan 20,000 ɗin da bai taɓa ƙaruwa ba.

Inda fulat ba ya ɓoye komai

Kada ka ɗauki ninkin biyun nan ka riƙa ɗora shi a kan kowane bashi. Yana aiki ne kawai idan ana mayar da uwar kuɗi kaɗan-kaɗan. Manomin rani a fadamar Argungu ko Suru da ya karɓi 300,000 a Disamba don fetur ɗin injin ban-ruwa, taki da iri, zai biya gaba ɗaya a Mayu bayan ya yanke shinkafa, shi ya riƙe kuɗin duka tsawon wata 5. In ruwansa kashi 3 ne a wata, 45,000 ke nan, kuma kashi 36 a shekara gaskiya ce tsantsa a wurinsa. Fulat da ragowa sun zama abu ɗaya, tunda ragowar ba ta ragu ba. Irin wannan tsari na biya bayan girbi aka yi wa shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, wanda aka ƙayyade ruwansa kada ya wuce kashi 9 a shekara.

Abin da manomi zai sa wa ido shi ne cire ruwa tun a gaba. In aka ce bashin 300,000 ne amma aka riƙe 45,000, aka miƙa masa 255,000, to a kan 255,000 ya biya 45,000. Kashi 17.6 ne cikin wata 5, wato wajen 42 a shekara. In kuma kaya aka ba shi maimakon kuɗi, ya tambayi farashin da aka sa wa buhun taki a takarda ya gwada da na kasuwa a ranar. Bambancin shi ma tsadar bashi ne.

Tambayar biya da wuri

Kafin sa hannu, ka tambayi abin da zai faru in ka sami kuɗi a tsakiya kana son ka huta. Mu ce Malam ya biya zubi 6, sai aka biya shi wasu haƙƙoƙinsa da suka maƙale. A wurin masu lissafi kan ragowa, abin da ake binsa a lokacin wajen 339,400 ne, ya biya, ruwan sauran watanni ya faɗi, sai dai in akwai tarar biya da wuri a yarjejeniya. A wurin masu fulat amsar na iya zama ɗaya daga biyu. Wasu za su ce ya kawo ragowar uwar kuɗi, 300,000, wataƙila da ruwan wata ɗaya. Wasu za su ce an riga an lissafa ruwan shekara tun ranar farko, ya kawo zubi 6 da suka rage cif, 408,000. Tsakanin amsoshin nan akwai 108,000. Wanda aka ba amsa ta biyu, biya da wuri ba ya rage masa ko kwabo, ƙara tsadar ma yake yi, don ya biya ruwan shekara a kan kuɗin da ya riƙe wata 6. Duk amsar da aka ba ka, ka sa a nuna maka layin da ta ke a takarda. Ka nemi layin tarar makara ma, ka gane ko a kan zubin da ya makara ake ɗora ta ko a kan dukan bashin, don albashi kan yi jinkiri ba da laifinka ba.

Cinikin biya kaɗan-kaɗan shi ma a auna shi

Da yawa a cikinmu ba sa kusantar bashin ruwa saboda addini, kuma hukuncin wannan yana wurin malamai. Amma wanda ya kauce masa ya koma sayen kaya bashi da ƙarin farashi, ko a wurin dila ko ta murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, shi ma yana da buƙatar ya san nauyin abin da ya ɗauka. Halascin ciniki bai hana a yi tayi ba.

A ce babur ne, kuɗi hannu 1,200,000, bashi kuma 1,560,000 a zubin 130,000 har wata 12. Mai sayarwa zai ce ribarsa kashi 30 ce, kuma haka ne a kan farashin. Amma ta fuskar mai saye, wanda ya fara biya tun watan farko, ka sa 12, -130000 da 1200000 a tsarin ɗazu, za ka ga wajen kashi 51 a shekara. In an nemi ya fara ajiye wani abu a gaba, sai ka cire shi daga farashin kuɗi hannu, ragowar ita ce lamba ta uku. Da wannan zai iya gwada dila biyu, ɗaya mai wata 12 ɗaya mai wata 18, waɗanda in ba haka ba babu yadda za a jera su. Abin da murabaha ta fi da shi shi ne farashin da aka yanke ba ya hawa bayan an ƙulla ciniki. Amma ta ɓangaren biya da wuri sai ka tambaya, domin farashin ya riga ya zama bashi a kanka, ragin da za a yi maka ba tabbas ba ne sai ka ji tsarinsu.

Me za ka yi da lambar in ka same ta

Ka gwada ta da abin da kuɗin zai haifar, a ma'auni ɗaya. Bashin Malam na 580,000 ya kama kusan kashi 5.7 a wata. Ɗan kasuwar da ke juya jarinsa duk mako yana iya ɗaukar wannan ya fita da riba. Wanda zai sayi albasa a Aliero lokacin kaka ya adana har ta yi tsada, lissafinsa daban ne: zubin farko zai zo albasa na rumbu, ga ruɓewa na rage ta, sai ya biya daga wani aljihun. Shi bashin biya gaba ɗaya ya fi dacewa da shi ko da lambarsa ta ɗan fi. Malam kuwa rufin gida ba ya kawo kuɗin shiga, don haka tasa tambayar ita ce ko albashinsa zai ɗauki cire 68,000 har wata 12, da kuma ko kofaretib ɗin ma'aikata ko adashi ba za su kai shi ga kwanon da ƙasa da haka ba. Kofaretib ma da yawa fulat suke lissafi, sai ka sa nasu a tsarin. Kashi 10 na fulat a shekara, a zubi 12, wajen kashi 18 yake bayarwa.

In lokacin bashin biyu ya bambanta, ka dubi lambar shekara tare da jimillar naira. Bashin wata 24 na iya zuwa da ƙaramin kashi da zubi mai sauƙi, amma jimillar ruwan da za ka zuba ta fi ta wata 12.

In kuma ka riga ka sa hannu, sai ka ga an cire abin da babu shi a takardar da aka ba ka, ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka haɗa hoton jadawalin da na alat, ka karɓi shaidar sun karɓa. In ba a warware ba, ka kai sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Masu ba da bashi ta manhajar waya da ba bankuna ba, ƙorafinsu na zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda ta fara yi musu rajista a 2022.